Kundin gyara lissafin shagon kitso da gyaran gashi, Badariya, Birnin Kebbi

Asabar, 1 ga Fabrairu 2025

Ƙanwata ta buɗe shago a farkon Janairu. Ita ke wankin kai, gyaran gashi, lalle da kwalliya, sai makitsiya ɗaya da ke karɓar kashi 40 cikin ɗari na duk kitson da ta yi. Mata suna zuwa, amma duk lokacin da shamfu ya ƙare sai an rasa kuɗin sayen wani. Aikin da muka sa gaba shi ne raba kuɗin gidanta da na shago, da tsayar da littafin da za ta iya riƙewa ita kaɗai.

Yau ƙirga muka yi. Jarin da ta zuba ₦600,000 ne: hayar shekara ₦180,000, kayan aiki irin su draya, kujeru, madubi da ƙaramin janareta ₦310,000, kayan shafawa ₦60,000, sai tsabar ₦50,000 da ta rage a hannu. Haya da kayan aiki sun riga sun zauna. Abin da ke juyawa kullum shi ne biyun ƙarshe, wato ₦110,000, kuma a kansa za mu riƙa auna lafiyar shagon.

A durowa mun tarar da ₦11,300. A asusunta na banki akwai ₦23,000, ta ce ₦8,000 kuɗin cefane ne da maigidanta ya tura, saura ₦15,000 na shago. Kayan da ke kan kanta, idan aka yi musu kuɗi a farashin saye, sun kai ₦28,000. Jimilla ₦54,300. Ke nan a wata ɗaya uwar kuɗi ta ragu da ₦55,700, alhali ana ciniki. Ba mu tsaya bin sawun kowace naira ta Janairu ba, domin babu rubutun da za a bi, kuma irin wannan tone-tonen ɓacin rai kawai yake haifarwa. Mun rubuta ₦54,300 a matsayin mafari, daga nan za a fara.

Litinin, 3 ga Fabrairu

An buɗe sabon asusu a waya da BVN da NIN ɗinta, na shago kaɗai, an tura masa ₦15,000 ɗin nan. Da sunanta yake tukuna, tunda asusu da sunan shago sai an yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Wannan bai hana komai ba, muddin kuɗin gida ba ya shiga ciki.

An sayo babban littafi mai kauri ₦1,200, ƙananan littattafai biyu ₦600, biro da rula ₦300, akwatin ƙarfe da kwaɗo ₦3,500. Duka ₦5,600, kuma su ne kashe kuɗi na farko da aka rubuta. An ware ₦5,000 na ƙananan takardu a matsayin canji, wanda zai kwana a akwati kullum ba ya ƙaruwa ba ya raguwa.

Tsarin babban littafin: rana ɗaya tana cin shafi biyu masu fuskantar juna. Shafin hagu na abin da ya shigo ne, an ja masa layi biyar: aikin da aka yi, wadda ta yi shi, kuɗin hannu, taransifa, bashi. Kuɗin kowane aiki yana shiga layi ɗaya tak cikin ukun ƙarshe. Shafin dama na abin da ya fita ne: me aka saya, nawa, da hannu ko ta waya. Ana rubutawa kafin mace ta ɗaura ɗankwalinta ta fita. Idan aka bari sai dare, manyan ayyuka ne kawai ake tunawa, wankin kai na ₦1,500 kuwa ya ɓace. Ƙaramin littafi ɗaya na bashi ne, kowace mai bashi da shafinta. Ɗayan na mai shago ne, don duk abin da ta ɗauka wa kanta.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Rufe lissafi na farko da ya nuna inda matsalar take, don haka zan kawo shi dalla-dalla.

An yi wankin kai uku a ₦1,500, kitso biyu a ₦2,500, kitso ɗaya a ₦4,000, lalle biyu a ₦2,000. Aikin rana ₦17,500. Daga ciki ₦6,500 taransifa ce, ₦1,500 bashi, saboda haka ₦9,500 ne kawai ya shiga akwati. Abin da ya fita da hannu: fetur ₦2,000, mai ruwa ₦600, kason makitsiya a kan kitson ₦9,000 ya kama ₦3,600. Duka ₦6,200.

Lissafin rufewa kullum ɗaya ne. A ɗauki canjin safe, a ƙara kuɗin hannu da ya shigo, a cire kuɗin hannu da ya fita. ₦5,000 da ₦9,500 sun ba da ₦14,500, an cire ₦6,200, saura ₦8,300. Wannan ne ya kamata a tarar a akwati. Ana fara yin lissafin a takarda, sannan a buɗe akwati a ƙirga. Idan aka fara da ƙirga, hannu yakan karkata ya gyara rubutu ya dace da abin da aka gani.

An ƙirga ₦7,100, giɓin ₦1,200. Da ta yi tunani sai ta tuna an aiko yaro daga gida karɓar ₦700 na kayan miya, ta kuma ba ɗan kabu-kabun da ya ɗauko yara daga makaranta ₦500. Ta ce, "Yaya, ai wannan ba kashe kuɗi ba ne, gida ne." Na ce mata shago bai san gida ba, abin da ya sani shi ne ₦1,200 ya fita. An rubuta su a littafin mai shago. Ban hana ta ɗauka a wannan makon ba, sharaɗin kawai shi ne ta rubuta, don muna so mu ga ainihin abin da gida ke ja daga shagon kafin a yanke wani abu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Lissafin mako. An yi aikin ₦78,000, ₦5,500 yana hannun masu bashi, abin da ya shigo ₦72,500. Kason makitsiya ₦16,000, fetur ₦12,000, ruwa ₦3,500, duka ₦31,500. Saura ₦41,000. Na ajiye kuɗin littattafai da akwati gefe tunda ba kowane mako za a saya ba.

A nan yawancin masu sabon shago ke tsayawa su ce ₦41,000 riba ce. Ba riba ba ce, domin akwai masu bin shagon kuɗi guda uku da ba su zo ƙofa ba tukuna. Na farko kayan shafawa: shamfu, man gashi, lalle da auduga da aka yi aiki da su dole a mayar da su. Bisa abin da muka ga ya ragu a kanta, mun sa kusan kashi 15 cikin ɗari na aikin mako, ₦12,000 ke nan a wannan makon. Na biyu mai gida. ₦180,000 idan aka raba a mako 52 ya kusa ₦3,500, amma an riga an ci wata guda ba a tara komai ba, don haka mun sa ₦4,000. Daga yau zuwa ƙarshen Disamba Asabar 47 ne, za a tara ₦188,000. Na uku gyara: janareta da draya za su lalace, ranar ce kawai ba a sani ba. An sa ₦2,500.

Idan aka cire ₦18,500 daga ₦41,000, saura ₦22,500. Wannan ne iyakar abin da shagon ya samar a mako. Littafin mai shago kuwa ya nuna ta ɗauki ₦26,400, ciki har da ₦12,000 na ankon biki ranar Juma'a. Ta ci riba duka ta haɗa da ₦3,900 na uwar kuɗi, kuma a mako mai kyau. Amsar giɓin Janairu ke nan, ba sata ba ce ba kuma rashin ciniki ba.

Shawarar da aka yanke: mai shago za ta riƙa karɓar albashi kamar ma'aikaciya, ₦14,000 duk Asabar da yamma bayan an rufe lissafi, ta taransifa daga asusun shago zuwa nata, don sawu ya kasance a rubuce. Ta so ₦20,000. Mun tsaya a ₦14,000 saboda albashi ana yanka shi a kan abin da mako mara ciniki zai iya ɗauka, kuma dole a bar abin da zai mayar da jari ₦110,000. Idan wata lalura ta taso a tsakiyar mako, tana iya cin bashin albashinta har zuwa rabi, a rubuta, a cire ranar Asabar. Zubin adashinta, anko, gudummawar biki da suna, katin waya da kuɗin makarantar yara duk daga albashi za su fito. Wannan makon babu albashi tunda ta riga ta ɗauka.

Kuɗin haya ya shiga wurin ajiya na daban a cikin manhajar asusun, inda ba a ganinsa tare da kuɗin yau da kullum. Kuɗin gyara yana ambulan a ƙasan akwati saboda mai gyaran janareta tsaba yake so. Duk abin da ya haura canji a akwati ana kai wa mai POS ya zuba a asusu sau biyu a mako, a rubuta ladansa a shafin dama.

Talata, 11 ga Fabrairu

Akwati ya yi daidai da littafi kwana biyu a jere. An sayo shamfu da man kitso na ₦8,400 a Babbar Kasuwa, an manna rasit a bayan littafi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Akwati daidai, asusu ya gaza da ₦9,550. An bi layin taransifa ɗaya bayan ɗaya ana haɗa shi da tarihin asusun. Mata uku da suka saba da ita tun tana kitso a gida sun tura ₦9,500 a tsohon asusunta, ita kuma ta ga alat ta rubuta an biya. Kuɗin ya riga ya gauraya da na cefane har an taɓa shi. An cire ₦9,500 daga albashin yau, ta karɓi ₦4,500, sauran yana wajenta tuntuni.

Wannan ita ce ɓarakar da ta fi wuyar toshewa, domin masu ciniki suna da tsohuwar lamba a ajiye a wayarsu. An rubuta sabuwar lamba da manyan baƙaƙe an manna jikin madubi. Idan duk da haka wata ta tura tsohon asusu, mai shago za ta mayar da kuɗin cikin na shago nan take, kafin ta taɓa kan wata, ta sa alama a gefen layin.

₦50 da ya rage harajin gwamnati ne da ake cirewa a 2025 idan an karɓi taransifar ₦10,000 ko fiye. An samu guda ɗaya a makon, na wata da ta biya wa 'ya'yanta uku. Daga yanzu ana rubuta shi a shafin dama, don kada a riƙa ɓata dare ana neman naira hamsin.

An ƙara doka ɗaya: ba a rubuta taransifa sai an buɗe asusun shago an ga kuɗin ya sauka. Hoton da mai biya ta nuna a wayarta ba shaida ba ne, ko da ba ta yi nufin cuta ba, domin kuɗi kan maƙale ya koma mata daga baya. Idan bai sauka ba, layin bashi zai shiga har sai ya iso.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ba wani abu. Ta ci bashin albashi ₦3,000, ta rubuta da kanta.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Makitsiya ta kawo ƙorafi, kuma tana da gaskiya. A makon nan ta yi wa 'yan gida kitso uku, na Gwaggo da na 'yan uwan miji biyu, babu wanda aka rubuta kuma ba ta samu kaso ba. A farashin shago kitson ₦8,000 ne, kasonta ₦3,200, kuma ya cinye mata kusan yini guda da za ta yi na kuɗi. An kuma lura kwalbar shamfu babba da aka buɗe ranar 11 ga wata ta kusa ƙarewa, alhali wankin kai da ke rubuce bai kai abin da ya kamata ta yi ba. An ɗura wani a ƙaramar kwalba an kai gida, an kuma wanke wa dangi kai sau huɗu.

A Birnin Kebbi ba a cewa Gwaggo ta biya kuɗin kitso a shagon 'yarta, kuma ni ma ban goyi bayan a ce mata ba. Zumunci yana da nasa haƙƙi. Abin tambaya shi ne wa ke yin kyautar. Idan mai shago ce, daga aljihunta za ta fito. A yanzu makitsiya da jari ne ke biya ba tare da an shawarce su ba.

An tsayar da haka: aikin 'yan gida ana rubuta shi a shafin hagu kamar kowane, ba a sa kuɗi a layi ukun, sai a rubuta "gida" a gefe. Aikin hannun mai shago kyauta ne, nata ne ta ba wanda ta so. Kason makitsiya da kuɗin kayan da aka shafa kuwa suna shiga littafin mai shago a cire a albashi. An ƙiyasta kayan wankin kai ɗaya ₦350, ta hanyar raba kuɗin kwalba da yawan kan da take wankewa, a haɗa da ruwa. Duk kayan da aka ɗauka zuwa gida ana rubuta shi a farashin saye. Yau an cire ₦3,200 na kaso, ₦1,400 na wanki huɗu, ₦1,000 na shamfun da aka ɗura, da ₦3,000 na ranar Laraba. Ta karɓi ₦5,400. Ba ta ji daɗi ba, amma da bakinta ta ce daga yau 'yan gida su riƙa zuwa safiyar Litinin lokacin da babu mutane, ita da kanta za ta yi musu.

Don gane irin wannan zubewar nan gaba, ana rubuta ranar da aka buɗe kowace kwalba a jikinta da biro. Ranar da ta ƙare sai a ƙirga aikin da ke littafi tsakanin ranakun biyu.

Asabar, 1 ga Maris

Yau aka tashi da azumi, bayan sanarwar Sarkin Musulmi daren jiya. An yi ƙirgar wata irin ta ranar farko, bayan an biya albashi. Asusu ₦31,200, canji ₦5,000, kayan kanta ₦33,000. Jimilla ₦69,200, daga ₦54,300. Bayan wannan akwai ₦16,000 na haya da ₦10,000 na gyara, waɗanda ba a lissafa su cikin jari saboda suna da masu su. Bashin da ake bin mutane ₦7,000, shi ma ba a sa shi ba sai ya dawo.

Farkon azumi mata ba su cika zama kitso ba, ga zafi ya fara. Ba za a sayi kaya ba sai wanda ya ƙare.

Asabar, 8 ga Maris

Aikin mako ₦41,000, duka an biya. Bayan kaso ₦8,000, fetur ₦7,000 da ruwa ₦2,000, saura ₦24,000. Kaya ₦6,000, haya ₦4,000, gyara ₦2,500, saura ₦11,500. Albashi ₦14,000 ne, don haka ₦2,500 ya fito daga abin da aka tara a Fabrairu.

Ta ce ko a tsallake kuɗin haya na makon nan. Ba a tsallake ba, kuma ba a rage albashi ba. Mai gida ba ya rage haya saboda azumi. Albashin kuma idan ya zama mai hawa da sauka, za ta koma ɗiba a akwati duk ranar da gida ya matse, a dawo gidan jiya. Abin da aka bari a makonni masu kyau don irin wannan makon aka bar shi. Idan gazawar ta kai mako uku a jere, sannan za a zauna a sake duba albashin.

Laraba, 12 ga Maris

Janareta ya ƙi tashi ana tsakiyar busar da kai. Gyara da canjin baƙin mai ₦9,000, daga ambulan gyara. Akwai ₦12,500, saura ₦3,500. An rubuta a bayan ambulan da shafin dama.

Laraba, 19 ga Maris

Babbar matsala tun da aka fara. Ranar 11 ga wata mahaifiyar wata amarya ta zo ta yi cinikin gyaran jiki, lalle, kitso da kwalliya na bikin bayan Sallah a ₦60,000, ta ba da kafin alƙalami ₦30,000. Kuɗin ya shiga shafin hagu kamar aikin da aka gama. Saboda haka lissafin ranar 15 ya nuna mako na ₦76,000, alhali ainihin aikin ₦46,000 ne. Ganin asusu ya cika, aka je kasuwa ranar Litinin aka yi sarin kayan Sallah na ₦52,000.

Yau Hajiyar ta dawo, an ɗaga biki saboda rasuwa a gidan ango, tana neman kuɗinta. A asusu ₦19,000 ne. Babu takardar da ta faɗi abin da zai faru idan an fasa, kuma a irin wannan halin babu wanda zai tsaya jayayya. An yi mata ta'aziyya, an ba ta ₦15,000, an roƙi ta jira sauran zuwa Asabar. Ta amince. Ba a taɓa kuɗin haya ba, ko da yake shi ne ya fi kusa da hannu.

Kafin alƙalami amana ce, kuɗin mai biki ne da ke zaune a shago har ranar da aka yi aikin. Alamar da za ta tona kuskuren tun ranar 15 tana cikin littafin: kuɗin shiga ya yi tsalle, amma kason makitsiya, fetur da ruwa suna nan kamar na makon jiya. Duk makon da ciniki ya hau abin da ake kashewa a kan aiki bai motsa ba, akwai kuɗin da ba na aiki ba a ciki.

An sayo ƙaramin littafi na uku ₦300 don kafin alƙalami kaɗai: ranar karɓa, aikin da aka yi ciniki, jimillar kuɗi, abin da aka bayar, ranar aiki. Kuɗin yana zama a wurin ajiya na daban. Ranar da aka gama aikin ne ake rubuta cikakken kuɗin a shafin hagu, a soke layin a ƙaramin littafi. Ana ba mai biki takarda da hannu, a rubuta cewa idan an fasa bayan an haɗa kayan dilka da halawa, za a cire kuɗin kayan a mayar da saura. Idan ya zama dole a sayi kayan amaryar daga kuɗinta, nata kaɗai za a saya, a rubuta a layinta.

Asabar, 22 ga Maris

Ciniki ya fara tashi, ₦64,000. An cika wa Hajiya ₦15,000. An biya albashi, haya da gyara. Ba a ware kuɗin kaya ba tunda kanta a cike take. Asusu ya koma ₦8,000.

Shirin makon Sallah: za a ɗauko mata biyu masu taimako, ɗaya kitso ɗaya lalle, a kan kaso, a biya su kowane dare. Mutum ɗaya ce za ta riƙa karɓar kuɗi, mai shago, kuma mabuɗin akwati yana wuyanta. Tunda hannunta zai kasance cikin lalle, an yanka ƙananan takardu masu lamba 1 zuwa 200. Wadda ta gama aiki ta rubuta aikin da kuɗinsa a takarda, mai biya ta kawo wa mai shago tare da kuɗi, a sa H, T ko B, wato hannu, taransifa ko bashi, a soke a ƙusa. Za a kwashe su cikin littafi sau biyu, bayan la'asar da lokacin tashi. Lambar da ta ɓace tana nufin akwai aikin da ba a biya ba ko ba a rubuta ba.

Juma'a, 28 ga Maris

An kai ƙarfe ɗaya na dare. Akwati ya gaza da ₦6,000. Kafin a fara zargin kowa an duba asusu, aka tarar ya haura abin da littafi ya ce da ₦6,000 daidai. Takarda mai lamba 141 ce aka sa wa H alhali taransifa ce. Idan giɓin akwati da rarar asusu suka zo daidai, layi aka kuskure, kuɗi bai ɓata ba. Idan giɓin ya yi daidai da farashin wani aiki kuma asusu bai haura ba, a duba ko an rubuta aiki sau biyu ko bashi ne aka sa a layin hannu. Giɓin ₦100 ko ₦200 yawanci canji ne, a rubuta shi a matsayin giɓi a wuce, kada a cika shi daga jaka.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris, shago a rufe har yau. Aikin makon Sallah ₦214,000, bashi ₦5,000, abin da ya shigo ₦209,000. Kason makitsiya da masu taimako ₦62,000, fetur ₦24,000, ruwa ₦7,000, saura ₦116,000. An cire haya, gyara da albashi ₦20,500, saura ₦95,500.

Ƙirgar wata: asusu ₦103,500, canji ₦5,000, kayan kanta ₦29,000. Jimilla ₦137,500. Haya ₦32,000, gyara ₦11,000, kafin alƙalamin wata amarya ₦10,000, kowanne a wurinsa.

Jari ya koma ₦110,000 har da rarar ₦27,500. Wannan ne karo na farko da za a iya kiran wani abu riba. An yarda riba ana ɗaukarta sau ɗaya a wata, bayan ƙirga, rabin abin da ya haura jari kawai. Ta karɓi ₦13,500, kusan rabin ke nan, an rubuta shi da sunan riba a littafin mai shago, daban da albashi. Sauran ₦14,000 ya zauna saboda makonni biyu bayan Sallah kowa da sabon kitso a kai, ciniki zai faɗi, ga kanta tana bukatar a cika ta. Albashi yana nan a ₦14,000. Makon Sallah ba abin auna albashi ba ne.

Asabar, 5 ga Afrilu

Kwana uku na aiki, ₦23,000. An biya komai yadda aka saba, gazawar ta fito daga ajiya. Ta rufe lissafin kwana ukun ita kaɗai, minti goma sha biyar kowane dare.

Bashi ya kai ₦12,000 a hannun mata shida, ₦4,000 daga ciki tun Fabrairu. Daga Litinin babu sabon bashi ga wadda ba ta biya tsohon ba, kuma ba ya wuce ₦3,000 ga mutum ɗaya. Kason makitsiya ana biyansa ranar da ta yi aiki ko an biya ko ba a biya ba, tunda ba ita ta ba da bashin ba.

Abin da ke gaba a Afrilu: a fitar da ainihin abin da lalle da saka man sakin gashi ke ci kamar yadda aka yi wa wankin kai, don akwai alamar ₦2,000 na lalle bai biyan lokacin da yake ɗauka. A tambayi kuɗin rajistar sunan shago a CAC, a fara ware masa ₦2,000 duk mako daga 12 ga wata. A yi wa mai gida magana tun yanzu ko yana da niyyar ƙara haya a Janairu, don a gyara ₦4,000 ɗin tun da sauran lokaci. Ƙirga ta gaba ranar Asabar, 3 ga Mayu.